Hoton famfon da ba a kera ba

“Famfon rijiya mai aiki da sola nake son kerawa a Kassala, ban hada samfuri ba tukuna. Wane hoto zan nuna wa masu kudi su gamsu?”

Dan’uwa, fara da ainihin awon kayan da za ka saya, ka zana su a manhajar zanen injiniya ta FreeCAD, sannan ka kai manhajar hada hoto ta Blender don haske da launi. Ka nuna cikinsa a tsage: mazaunin injin famfon, kusoshi, da kofar da waya ke shiga.

Injiniya lissafi yake duba, ba kyalli ba. Na sha ganin an zana faifan sola mai wat 400 karami kamar faranti, alhali fadinsa ya kusa murabba’in mita 2, daga nan sai a daina yarda da sauran. Ka rubuta a karkashi cewa zane ne. In a shafin tara kudi na Kickstarter za ka sa, sai da samfuri mai aiki, kuma sun hana hoton kwamfuta mai kama da na gaske.