Ƙaramin littafin addu'o'i na aljihu: yadda muka tsara namu

"Assalamu alaikum. Ina koyarwa a Islamiyyar matan aure, kuma ina so in tattara gajerun addu'o'i a ɗan littafin da zai shiga jaka ko aljihu, a jere bisa lokaci da kuma buƙata. Na tara sun fi ɗari, na rasa wace zan ɗauka, wace zan bari, kuma ta ina zan fara. Wanda ya taɓa yi ya taimaka."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah Ya saka da alheri. Mun yi irin wannan aiki a makarantarmu ta dare, ga abin da na gani.

Ɗarin nan da kika tara, ki shirya rabuwa da fiye da rabinsu. Wadda take son cikakken kundi, Hisnul Muslim yana kasuwa har da fassararsa ta Hausa, ba sai kin sake yin wani ba. Naki zai yi amfani ne idan uwar gida za ta buɗe shi da hannu ɗaya, goyo a bayanta, ta faɗa kan abin da take nema kafin lokacinsa ya wuce. Saboda haka kowace addu'a ki tambayi kanki: a wane lokaci takamaimai ɗalibata za ta miƙa hannu ta nemi wannan? Wadda ba ki samo mata lokaci ba, ki ajiye ta don darasin aji. Inda ruwaya ta zo da lafazi biyu ko uku a kan abu ɗaya, kamar addu'ar kwanciya, ki ɗauki mafi gajarta da ta inganta. "Bismika Allahumma amutu wa ahya" ta ishi mai farawa.

Kafin ki rubuta komai, ki fara sanin yawan shafukan, domin takarda ce za ta yanke miki hukunci. Girman aljihu shi ne A6, wato rubu'in takardar A4. Takarda ɗaya ta A4 da aka buga gaba da baya tana ba da shafi 8, kuma littafin da ake ninkewa a ɗinke ta tsakiya dole shafukansa su tafi huɗu-huɗu. Mu mun tsaya a shafi 32 ban da bango, takardar A4 huɗu ke nan ga kowane kwafi. Da ya haura haka sosai sai ya fara ƙin rufuwa, yana wangale baki a jaka har gefensa ya lanƙwashe.

Irin wannan ɗinki yana da wata ɗabi'a mai amfani: littafin da kansa yake buɗewa a tsakiya, shafi na 16 da na 17. A nan muka sa zikirin bayan sallar farilla. Dalili kuwa, shi kaɗai ne ba shi da gurbi guda a cikin yini, sau biyar yake dawowa, duk inda kika cusa shi a jerin lokuta zai zauna a karkace. Da muka ba shi tsakiya sai sauran suka daidaita. Shafin farko jerin abin da ke ciki. Na 2 da na 3 farkawa daga barci, shiga banɗaki da fitowa, alwala da sa tufa. Daga na 4 zuwa na 8 azkar na safe, sai shafi biyu na fita daga gida, hawa abin hawa, cin abinci da dawowa. Daga na 11 zuwa na 15 na maraice. Bayan tsakiya, shafi uku na kwanciya, ragowar 12 kuma na buƙatu.

Za ki ga na maraice ya ci shafi biyar daidai da na safe, alhali mafi yawansu abu ɗaya ne. Wani zai ce miki a haɗe su, a rubuta a ƙasa "da yamma sai a ce amsaina". Kada ki yarda. Canjin ba a kalmar farko kaɗai yake ba. A addu'ar da ta fara da "Asbahna wa asbahal mulku lillah", idan yamma ta yi, "hazal yaumi" yana komawa "hazihil lailati", "ba'dahu" kuma ya koma "ba'daha". Mai Larabci zai juya su a kansa, amma matar da ta fara karatu bayan ta aurar da 'ya'ya za ta canza ta farko ta bar sauran, ko ta gaji da juye-juyen ta daina gaba ɗaya. Ki rubuta na maraice cikakke, kamar babu na safe a littafin. Haka Ayatul Kursiyyi da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi: duk inda ake karanta su ki sake kawo su, ko aƙalla ki sa lambar shafinsu da manyan baƙaƙe. A saman kowane sashe ki sa layi ɗaya na lokaci, na safe daga bayan Asuba zuwa fitowar rana, na maraice daga bayan La'asar zuwa faɗuwarta. Akwai malaman da suka faɗaɗa lokutan fiye da haka, wannan bayani ne na aji, ba na aljihu ba.

Adadi kuma ki ba shi wurinsa na daban, a gefen kan magana, kullum a kusurwa ɗaya, kada ya ɓuya cikin fassara. "Bismillahil lazi la yadurru ma'asmihi shai'un" sau 3, Sayyidul Istigfari sau 1, "Subhanallahi wa bihamdihi" sau 100. Wurin da na ga an fi cakuɗawa shi ne tasbihi. Na bayan salla da aka fi sani 33, 33, 33 ne, a cike ɗari da "La ilaha illallahu wahdahu la sharika lahu". Na kwanciya, wanda Annabi (SAW) ya koya wa Nana Faɗima da Sayyidina Ali, 33, 33 ne sai kabbara 34. Mai buga rubutu da bai sani ba zai ga kamar kuskure ne ya "gyara" miki ɗaya ya yi daidai da ɗayan.

Sashen buƙatu shi ne zai fi cin tunaninki. Kan magana ki rubuta shi da harshen da ɗalibanki suke magana: "Idan wani wuri yana miki ciwo", "Idan bashi ya dame ki", "Idan kin yi mugun mafarki", "Idan an yi rasuwa". Ki jera su bisa gaggawa, ciwo da tsoro da damuwa a gaba, ruwan sama da ganin wata da tafiya a baya. Wasu addu'o'in suna tare da aiki, to a rubuta aikin. Ta ciwon jiki da ta zo a Muslim, ana ɗora hannu ne a inda yake ciwo, a ce Bismillah sau 3, sannan "A'uzu billahi wa ƙudratihi min sharri ma ajidu wa uhaziru" sau 7. Idan kin kawo lafazin kawai kin ba da rabi.

Tunda matan aure ne, addu'ar neman tsari ga yara za ta fi kowace shan buɗawa, kuma tana da tarko. Lafazin da ya shahara "U'izukuma" ne, domin Hasan da Husaini su biyu ne. Ga ɗa namiji ɗaya "u'izuka", ga mace ɗaya "u'izuki", ga yara da yawa "u'izukum". Ki jera huɗun a ƙasan addu'ar. Haka addu'ar mamaci, "lahu" ga namiji, "laha" ga mace. Za kuma su tambaye ki addu'ar naƙuda da ta jarrabawar yara. Mu ba mu laƙaba wa wata addu'a sunan da ruwaya ba ta ba ta ba. Mun sa ta Annabi Yunusa, aya ta 87 a Suratul Anbiya, ƙarƙashin "Idan kina cikin tsanani", muka ce musu kowane tsanani ya shiga ciki.

Wannan ya kawo ni ga asali. A ƙasan kowace addu'a ki sa inda ta fito da kalma ɗaya ko biyu, Bukhari, Muslim, Tirmizi, ko sura da aya. Lambar hadisi tana bambanta daga bugu zuwa bugu, ki bar ta a littafin ajiyarki. Cikin ɗarin nan na tabbata akwai waɗanda suka zo ta saƙon waya da alkawarin lada mai ban mamaki. Duk wadda kika kasa gano tushenta, ki kai wa malamin da ya san hadisi, in shi ma bai gano ba ki cire. Falala ma ni na fi son a rage ta ƙwarai, tana cin wuri, kuma a nan ƙarin gishiri yake shigowa.

Kowane shafi mun tsara shi hawa uku: Larabci a sama da manyan baƙaƙe da cikakken wasali, karatunsa da boko a tsakiya, ma'ana da Hausa a ƙasa cikin layi biyu ko uku. Kada addu'a ta karye tsakanin gaban takarda da bayanta, gara a bar fili. Ki duba ɗalibanki kuma: waɗanda suka tashi a makarantar allo da rubutun Warshu sun saba da fa mai ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama, don haka fa ta rubutun Hafsu tana iya zame musu ƙaf. Ki ware darasi guda kan wannan ranar rabo. Boko kuwa sandar dogarawa ce kawai, ba ya raba zal da zayi da za mai hannu, dole sai sun ji daga bakinki.

A maɗaba'a, kada ki ba da rubutu a sake ɗora miki shi a wata manhaja. Wani mai bugu ya taɓa dawo mana da gwaji haruffan Larabci sun rarrabu, wasu layukan sun juya baya, ƙ da ɗ da ɓ sun zama akwatuna. Wani yaron shagon kuma da ya ga akwatunan sai ya maye su da k da d, "sabbit ƙalbi" ta koma "kalbi", zuciya ta zama kare. Ki gama tsarinki ki kai musu PDF, ki ce a fitar da kwafi ɗaya a ninke a yanke shi kamar na gaske. Mutum biyu su duba shi, ɗaya yana karantawa da ƙarfi daga asalin littafin, ɗaya yana bin gwajin da yatsa wasali bayan wasali. Sannan ki ba dattijuwar da ta fi kowa raunin ido a ajinki, ki ce ta nemo miki addu'ar mugun mafarki. In ta daɗe tana laluba, matsalar a jerinki take, in kuma ta samu ta kasa karantawa, a ƙara girman baƙi ko da za a sake zubar da addu'a biyu.

Bango ya zama kwali mai kauri da leda, domin zai haɗu da gumi da man girki. A bayansa ki rubuta cewa akwai ayoyin Alƙur'ani a ciki, kada a shiga banɗaki da shi, kada a bar wa yara. Bugun farko ki yi daidai yawan ajinki da ɗan ƙari, su yi zango ɗaya da shi, sannan ki karɓi kwafi biyar ko shida ki duba shafukan da suka yi dauɗa da waɗanda suke fes, da su za ki san abin da za ki cire kafin babban bugu. Allah Ya taimaka.