Taƙaita kiran abokin ciniki a takardar ƙorafi

Tambaya: "Na saurari kiran minti 14, na rasa me zan rubuta. In zuba duka?"

A'a ƙanena, layi uku sun isa. Jiya na yi wani: wata hajiya a Tawa ta saka kuɗin kati, jaka biyu, ba su shiga ba. Na rubuta adadin, ranar da lambar cinikin. Sai gyaran: an gano kuɗin sun maƙale, an sake tura su, ta tabbatar kafin ta kashe waya.

Inda ake yawan kuskure shi ne alkawari. Kada ka rubuta "za a kira ta". Rubuta wa zai kira, kuma yaushe, domin da shi za a kama mu. Faɗanta kuwa, bar shi cikin faifai. Lambar sirrinta, ko ta furta, kada ta shiga takarda.