Babban hoto ko ƙanana: wanne zan biya?

Tambaya: Salamu alaikum. Haƙorina na ƙarshe a ƙasa ya maƙale bai gama fitowa ba, na kusa da shi yana tsami in na sha ruwan sanyi, dasashina kuma yana jini. Likita ya rubuta mini OPG, wato babban hoton X-ray da ke ɗaukar dukkan haƙora da muƙamuƙi lokaci guda, ya ce a ƙara ƙananan hotuna biyu. Babban ba zai wadatar ba? Daga wata mai karatu a Kubwa, Abuja.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki biya duka, don aikinsu ba ɗaya ba ne.

A hoton haƙori, abu mai tauri fari yake fitowa, inda ya ruɓe kuma sai ya yi duhu. Ramin da ke tsakanin haƙora biyu yakan fara ne da ɗan duhu mai kusurwa uku, ƙasa kaɗan da inda haƙoran suka haɗu. Ba ya bayyana sai wajen kashi ɗaya cikin uku na taurin wurin ya zube, shi ya sa idan likita ya buɗe yakan tarar ramin ya fi na hoto girma. OPG yana ɗora gefunan haƙora kan juna, ƙaramin rami ya ɓuya. Ƙaramin hoton da ake sa ki ciza, wato baitwin, shi ke tona shi. Haƙorin da ke miki tsami muka fi ji wa tsoro: idan na ƙarshe ya karkata ya jingina da shi, abinci na taruwa a lungun, bayansa ya ruɓe inda buroshi ba ya kai.

Dasashi kansa kusan ba ya fitowa a hoto, ƙashin da ke ƙarƙashinsa ake dubawa. Mai lafiya yana tsayawa milimita 1 zuwa 2 daga wuyan haƙori. Idan ya ja baya, ko dai ya sauka bai ɗaya, ko ya zurma gefen haƙori guda kamar zaizayar ƙasa. Amma hoton ba ya nuna ɓangaren kunci da na harshe sosai, don haka ki nemi a auna dasashin da ɗan tsinken awo. Zurfin milimita 4 ko fiye, ga jini, yana neman magani.

Amfanin OPG yana kan haƙorin da ya maƙale. Zai nuna kwanciyarsa, da lanƙwasar saiwoyinsa, da hanyar jijiyar leɓen ƙasa, wadda ke fitowa kamar zare mai duhu tsakanin fararen layuka biyu. Idan farin layin ya yanke daidai saiwar, ko saiwar ta yi duhu a nan, suna iya kasancewa manne da juna, cirewa da gaggawa kuma na iya barin leɓe a sage. A nan ne likita kan nemi CBCT, wato hoton da ke nuna saiwar da hanyar jijiyar ta kowane ɓangare. Idan akwai tazara a fili tsakaninsu, kada ki kashe kuɗi a kansa.

Ki karɓi kwafin hotunan a wayarki, don kada wani asibitin ya sa ki sake ɗauka.