Tabo a hoto: sansa ne ko lens?

"Jama'a wasu ɗigo baƙaƙe nake gani a hotona musamman wajen sama, na goge lens har na gaji ba su fita ba, mene ne matsalar?"

Malam bar lens ɗin nan ya huta. Sa kyamara a f/16 ko f/22, ISO 100, ka ɗau farin bango kana ɗan motsa hannu, sai ka sake ɗauka a f/4. In ɗigon ya fito ɓaro-ɓaro a f/22 amma ya ɓace a f/4, kuma ka canja lens yana nan daram inda yake, to ƙura ce a sansa, wato farantin da ke ɗaukar hoto a cikin kyamara, da ma lokacin hunturu a Kano ba a tsira. Dattin gaban lens ba ya yin ɗigo, sai dai hoto ya yi hazo in ka fuskanci rana.

Wajen sharewa cika batir tukunna, don in DSLR ce kuma batirin ya mutu kana ciki madubi zai rufo maka. Kifa kyamarar bakinta na kallon ƙasa ka busa da abin busa iska na roba, banda baki, yawu zai fantsama, banda auduga ko gefen riga don Allah. Wanda ya ƙi fita sai sandar gogewa daidai girman sansarka, ɗigo biyu na ruwanta, shafa ɗaya ka jefar.