Tambayoyin Fasaha: Yadda za a tura saƙon godiya da linkin jin ra'ayi bayan taron bita

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙungiyarmu ta mata 'yan kasuwa ta yi bitar yini ɗaya a nan Agege kan tallata kaya ta waya. Mutum 120 suka sa hannu a rajista, 45 ne kawai suka rubuta imel, sauran lambar waya. Ina so in tura musu godiya tare da linkin da za su faɗi ra'ayinsu, in kuma sanar da su cewa takardun darasin da bidiyon na nan tafe. Ta ina zan fara? — Wata mai karatu, Agege, Legas.

Amsa: Wa alaikumussalam Hajiya. Ki ajiye rubuta wasiƙar tukuna, ita ce mafi sauƙi. Inda aikin ke lalacewa a wajen linki ne: a tura shi ga mutum ɗari, su danna, ya ƙi buɗewa, kuma ba wanda zai bugo miki ya faɗa. Shiru kawai za ki ji, ki zaci ba su damu ba.

Ki buɗe Google Forms ki yi fom. Tambaya huɗu ta isa, domin yawancin matan nan a bakin shago za su cike shi, ko a cikin danfo a cunkoson Oshodi. Uku su zama waɗanda ake zaɓar amsa daga jeri, misali wane darasi ya fi amfanarta, lokacin ya isa ko ya yi kaɗan, za ta dawo in an sake. Ta huɗun ki bar fili a yi rubutu, amma kada ki tilasta ta.

Daga nan ki shiga `Settings`, sashen `Responses`. Akwai abu biyu a wurin da ke korar mutane. Na farko `Limit to 1 response`. A ido yana da kyau, tunda yana hana mutum cikewa sau biyu, amma da zarar kin kunna shi, sai mutum ya shiga asusunsa na Google kafin fom ɗin ya buɗe. Mata da yawa a cikin jama'armu yaron shagon da ya sayar musu da waya ne ya buɗe musu asusun, ba su taɓa sanin kalmar sirrin ba. In wayar ta ce su shiga, nan tafiyar ta ƙare. Na biyu `Collect email addresses`. In kika sa shi a `Verified`, wannan matsalar ce dai. Ki bar shi a `Do not collect`. A ganina gara wata ta cike sau biyu da a ce talatin sun kasa shiga, kuma mutane sun fi faɗin gaskiya in ba a san wa ya rubuta ba.

Sai ki danna `Publish`, ki tabbatar masu amsa suna kan `Anyone with the link`, ki kwafo linkin ta `Copy responder link`, ki sa alama a `Shorten URL`. Kada ki kwafo abin da ke saman burauza lokacin da kike gyaran fom. Ƙarshen adireshin ne zai nuna miki bambancin:

```
.../edit       (na gyara fom, naki ne ke kaɗai)
.../viewform   (na masu amsa)
forms.gle/...  (gajeren na masu amsa)
```

Ni kaina na taɓa yin wannan kuskuren bayan wani taro a Ikeja. Na tura na `/edit`, a wayata yana buɗewa lafiya ƙalau tunda ni ne mai shi, kwana biyu ban ga amsa ko ɗaya ba, sai tarin saƙonnin neman izini a imel ɗina. Tun daga ranar ba na tura linki sai na gwada shi a wayar wani. In babu kowa kusa, ki buɗe `New Incognito tab` a Chrome ki manna shi. Yadda ya buɗe a can, haka zai buɗe wa baƙo.

Game da kayan darasi, shawarata kada ki ce "za mu turo nan gaba" kawai. Ki buɗe folda a Google Drive yau, ko da jadawalin taron ne kaɗai a ciki. Ki danna `Share`, ki mayar da `General access` zuwa `Anyone with the link`, matsayin kuma `Viewer`, domin `Editor` zai ba kowa damar goge abin da ke ciki. Linkin folda ba ya canjawa, duk abin da kika zuba daga baya za su gani a wuri ɗaya. Wannan ya kuma raba ki da iyakar Gmail, wanda ba ya barin a maƙala fayil ɗin da ya wuce `25 MB`. Drive na kyauta `15 GB` ne, kuma imel ɗinki da hotunanki na cin wannan wurin, don haka ki duba saura nawa kafin ki ɗora bidiyo. Takardun ki mayar da su `PDF`. Bidiyon kuma a yanka shi darasi-darasi, a rubuta nauyin kowanne a jikin sunansa, saboda mai ɗan datar yini ba za ta sauke abin awa uku ba.

Ga yadda zan rubuta saƙon da ni ne:

"Assalamu alaikum. Muna godiya da kuka baro harkokinku kuka zo bitar ranar Asabar, Allah ya saka da alheri. Don Allah ku ba mu minti biyu ku amsa tambaya huɗu a nan, ba a neman suna: (linkin fom). Za mu rufe shi daren Juma'a. Takardun darasi za su shiga wannan foldar ranar Laraba, bidiyo kuma Litinin mai zuwa in Allah ya yarda: (linkin folda). Ba za mu taɓa neman kuɗi ko lambar sirrin banki ta wannan hanyar ba." Sai sunan ƙungiya da naki a ƙasa.

Jimlar ƙarshen nan kada ki cire ta. Mutanen Legas sun sha wuya a hannun 'yan damfara, linki daga baƙuwar lamba abin tsoro ne, kuma suna da gaskiya. Ranakun kuma ki sa waɗanda kika san za ki iya cikawa. Ki tura cikin kwana ɗaya ko biyu da taron, tun ana tuna abin da aka ji.

Wajen turawa, masu imel 45 ɗin nan ki zuba adireshinsu a `Bcc`, ki sa naki a `To`. In kika jera su a `To` ko `Cc`, kowa zai ga adireshin kowa, alhali ke suka ba wa amana, kuma tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan mutane. Gmail na kyauta na barin ki tura wa har mutum 500 a yini, ba ki kusa da iyakar ba.

Sauran 75 ɗin sai WhatsApp. `New broadcast` na ɗaukar har lamba 256, kuma kowa zai ga saƙon kamar shi kaɗai aka tura wa. Sai dai yana isa ne kawai ga wanda ya ajiye lambarki a wayarsa. Bayan yini ɗaya ki danne saƙon ki duba `Info`, waɗanda bai nuna ya isa gare su ba ki bi su ɗaya-ɗaya. Amma ki raba aikin da sauran shugabannin ƙungiya, kowacce ta ɗauki waɗanda ta sani, domin tura saƙo iri ɗaya mai linki ga baƙin lambobi masu yawa a lokaci guda na iya jawo a rufe miki WhatsApp in wasu suka kai ƙorafi. Ga waɗanda karatun boko ya yi wa nauyi, ki biyo bayan saƙon da gajeren saƙon murya, ki ce musu linki na sama na ra'ayi ne, na ƙasa na darasi.