Takardar wakilci ce a hannun ƙanen mai gida: in biya ko in dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum. An yi mini tallar wani gida a Ƙofar Ƙaura, cikin Katsina, mun daidaita a kan naira miliyan 18. Mai gidan yana Jidda shekara da shekaru, ƙanensa ne ke sayarwa, kuma ya nuna mini takardar wakilci da lauya ya rubuta a 2021. Ɗana ya fassara mini ita. Ta ce ƙanen zai kula da gidan, ya sa ƴan haya, ya karɓi kuɗin haya, ya yi gyara, ya kai ƙara kotu, "ya kuma yi duk abin da ya dace game da gidan kamar ni ne da kaina". Ban ga ranar ƙarewarta ba. Dillali yana matsa mini in ba da kafin alƙalami miliyan 3 kafin Juma'a. Na kuma ji ƙishin-ƙishin cewa mai gidan ba shi da lafiya. In biya? — Wani mai karatu daga Katsina

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka ba da ko kwabo a kan wannan takarda yadda take. Ba ina zargin ƙanen da ha'inci ba, mai yiwuwa yayansa ya ce masa a waya ya sayar. Amma ranar da rigima ta tashi, alƙali takarda zai duba, kuma wannan takardar ba ta ba shi ikon sayarwa ba.

Ga yadda ake karanta ta. Ka sa ɗanka ya sake ɗauko ta, ku bi sakin layi ɗaya bayan ɗaya, kuna ja wa kowane aiki layi a ƙasa: kula, sa haya, karɓa, gyara, kai ƙara. Biyar ke nan, kuma dukkansu ayyukan mai riƙon gida ne. Abin da kake nema shi ne kalmar da ta ce ya sayar, ya miƙa mallakar gidan ga wani, ya sa hannu a takardar cinikin a madadin mai gida, ya karɓi kuɗin. In waɗannan ba su fito ƙarara ba, to babu su. Kotunanmu suna karanta takardar wakilci a ƙuntace, ba sa ƙara wa wakili abin da mai abu bai rubuta ba.

Na san inda dillali zai ɗora yatsa: jimlar ƙarshen nan mai cewa ya yi duk abin da ya dace kamar mai gidan ne da kansa. Ita ce ta fi ruɗar mutane, shi ya sa zan ɗan tsaya a kanta. Ƙa'idar da alƙalai ke bi ita ce, idan takarda ta lissafa ayyuka takamaimai sannan ta rufe da magana mai faɗi, to faɗin nan ba ya wuce iyakar abin da aka lissafa. Wato "duk abin da ya dace" a nan yana nufin duk abin da ya dace don kula da gidan da haya su tafi daidai: ya kira mai gyaran famfo, ya ba ɗan haya takardar tashi, ya ɗauki lauya in an ƙi biya. Wanda aka ba kiwon shanu aka ce ya yi musu duk abin da ya kamata, ba a ba shi izinin kai su kara ba. Malaman fiƙihunmu ma a babin wakala haka suka raba: akwai wakilin da aka sakar wa komai, akwai wanda aka keɓe wa wani aiki, kuma na biyun ba ya ƙetare abin da aka keɓe masa. Wannan ƙanen na biyun ne.

Ko da a ce takardar ta ambaci sayarwa, akwai abin da ya kamata ka riƙe. Takardar wakilci ba ta mayar da gida mallakar wakili. Kotun Ƙoli ta yanke wannan tun 1993 a shari'ar Ude da Nwara: takardar izini ce kawai ta yin aiki da sunan wani, ita kanta ba ciniki ba ce. Saboda haka in an zo rubuta cinikinka, sunan yayan ne zai zama mai sayarwa, ƙanen ya sa hannu a matsayin wakilinsa, a kuma ambaci takardar da ta ba shi iko da ranarta. Idan ka ga an rubuta sunan ƙanen a gurbin mai sayarwa, ka tashi. Haka nan idan aka ce maka, don a guje wa wahalar neman amincewar gwamna, ƙanen zai rubuta maka taka takardar wakilcin ka riƙe a matsayin shaidar saye. Ana yin haka sosai, amma kuskure biyu ne a haɗe. Wakili ba ya naɗa wani wakili sai in takardarsa ta ba shi dama, sannan dokar filaye ta 1978, a sashe na 22, ta ce gidan da ke da takardar mallaka ta gwamnati ba a sauya masa hannu sai da amincewar gwamna. Wanda ya ba da miliyan 18 ya koma gida da takardar wakilci, a idon doka ɗan aiken mai gida ne.

Sai maganar ƙarewa, wadda a wurina ta fi ta farko haɗari saboda abin da ka ji na rashin lafiyar mai gidan. Rashin ganin rana ba ya nufin takardar tana nan har abada. Da farko ku sake dubawa, domin wa'adi ba koyaushe yake zuwa da kwanan wata ba. Wani lokaci a gabatarwa yake ɓuya, inda aka ce "kasancewar zan yi zama a ƙasar waje", ko a ƙarshe a ce "har sai na dawo". In akwai irin wannan, kuma mutumin ya taɓa dawowa ya karɓi ragamar gidansa, ana iya cewa ikon ya faɗi tun lokacin. In kuma don wani aiki guda aka bayar, gama aikin shi ne ƙarshenta.

Idan babu ko ɗaya, to tana aiki har sai ɗayan abubuwan nan ya faru. Mai gida yana iya soke ta duk ranar da ya ga dama, kuma kwafin da ke hannun ƙanen ba zai nuna maka an soke ba, zai ci gaba da zama fes da hatiminsa. Yana iya soke ta a aikace ma, misali ya sayar da gidan da kansa ga wani, domin ba da wakilci ba ya hana mai abu taɓa abinsa. Sannan mutuwa tana kashe ta, haka ma gushewar hankali. A nan ne zancen jinya ya shigo. Ka ƙaddara, Allah ya kiyaye, mai gidan ya rasu ranar Laraba a Jidda, kai kuma ka biya ranar Juma'a. Tun daga Laraba gidan ya zama gado, na matansa da ƴaƴansa da iyayensa in suna raye, kuma ƙanen, in akwai ɗa namiji, ba ya ma cikin magada. Za ka sami kanka a kotun shari'a kana jayayya da marayu a kan gidan da wanda ya sayar maka ba shi da iko da shi, kana kuma bin mutum bashin kuɗin da wataƙila an riga an kashe a asibiti. Ba sai an kai ga rasuwa ba: in ciwon ya kai mutum ba ya gane mutane, ikon wakilinsa ya shiga cikin shakka.

Akwai togiya guda, kuma ina ambatonta ne don kada a yi maka dabara da ita. Tsohuwar dokar Ingila ta 1882 da lauyoyi ke kafa hujja da ita a jihohin Arewa ta san wakilcin da ba a sokewa. Iri biyu ne: wanda aka bayar a madadin kuɗi ko wata ƙima da wakilin ya biya, aka kuma rubuta a ciki cewa ba a sokewa, da wanda aka rubuta ba a sokewa na wani wa'adi da bai wuce shekara ɗaya ba. Irin waɗannan suna kare mai saye ko mai abu ya rasu. Amma takardar 2021 da aka ba ƙane don ya karɓi haya, ba tare da ya biya komai ba, ba ta shiga na farko, shekarar na biyun kuma ta daɗe da wucewa. Don haka ko an nuna maka kalmar "ba a sokewa" a saman takardar da manyan baƙaƙe, ka tambaya: a madadin me, kuma na tsawon yaushe?

Abin yi ba shi da wuya in da gaske mai gidan yana son sayarwa. Ka ce a haɗa ka da shi ta kiran bidiyo, a gaban lauyanka da wani dattijo da ya san fuskarsa, ka ji daga bakinsa cewa ya yarda da sayarwar da farashin. Wannan kiran zai nuna maka yana raye kuma yana cikin hayyacinsa. Amma kira ba ya maye gurbin takarda. Sai lauyanka, naka, ba na mai sayarwa ba, ya tsara sabon wakilci na musamman da ya ambaci gidan da lambar fulotinsa da lambar takardar mallakarsa daidai da yadda suke a asali, ya ba da ikon sayarwa da sa hannu da neman amincewar gwamna, ya faɗi asusun da za a zuba kuɗin. A rubuta cewa ba a sokewa na wata shida ko shekara ɗaya, don ciniki ya kammala cikin kariya. Dole ta zama takarda mai hatimi, domin wanda zai sa hannu a takardar mallaka mai hatimi, da irinta ake naɗa shi. Mai gidan ya sa hannu a ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda ko a gaban notari, wato jami'in da doka ta ba ikon shaida sa hannu a takardu. Dokar shaida ta 2011, sashe na 150, ta ce kotu za ta ɗauki takardar da aka sa wa hannu a irin waɗannan wurare a matsayin sahihiya, sai in an kawo hujjar akasin haka. In ta iso, a biya kuɗin kan sarki, a yi mata rajista a ofishin filaye na jiha, a kuma binciki fayil ɗin gidan a can ko an jinginar da shi a banki ko an shigar da wata takardar sokewa.

Kuɗi kuwa, asusun mai gida zai tafi kai tsaye, sai in sabuwar takardar ta faɗi a fili cewa ƙanen ne zai karɓa. Ikon karɓar haya na naira dubu ɗari shida a shekara daban yake da ikon karɓar miliyan 18.

Game da Juma'ar dillali, la'adarsa yake hange, kuma ba shi zai tsaya a kotu ba. In kana tsoron wani ya riga ka, ka ce ka amince a ajiye miliyan 3 ɗin a hannun lauya, da rubutaccen sharaɗi cewa ba za a saki ba sai sabuwar takarda ta iso daga Jidda, in kuma ba ta iso cikin kwana 30 ba a mayar maka da kuɗinka cif. Idan ƙanen ya yarda da wannan ya kuma haɗa ka da yayansa, ci gaba da cinikinka. Idan ya fara cewa yayan ba ya son a dame shi, ko layinsa ba ya shiga, ka nemi wani gidan.