Hita ta ƙona min yaro, na rage ta zuwa 40 ko na bar ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni a Agege nake, muna da hita mai lita 30 a banɗaki. Satin da ya wuce yarona ɗan shekara 2 ya murɗa famfon zafi ruwan ya taɓa masa hannu, Allah ya tsare bai yi tsanani ba. Falamba ya ce ya rage min ita zuwa digiri 40 shikenan, har wuta zan rage sha, amma ƙanwata nas ce ta ce kar na yarda, wai ƙwayar cuta na yaɗuwa a ciki. Ga surukata tana zaune da mu, tana da ciwon suga. Wa zan bi? Maman Abba, Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam Maman Abba, Allah ya ƙara tsare mana Abba. Ƙanwarki za ki bi, ki bar tankin hitar a digiri 60, amma ki sa a gyara yadda ruwan ke fitowa a famfo, domin matsalar taki biyu ce kuma ba maɓalli ɗaya ne zai magance su ba.

Ƙwayar da take nufi sunanta Lijiyonela, an gano ta ne bayan ta kwantar da mutane da yawa a wani taro a Filadelfiya ta Amurka a 1976. Ciwon huhu take sawa, kuma ba ta hanyar shan ruwan take kama mutum ba, shaƙar ɗan feshin nan ne da ke tashi idan an kunna shawa. Tana hayayyafa a ruwan da ke kwance tsakanin digiri 20 zuwa 45, inda ta fi jin daɗi kuwa wajen zafin jikin mutum ne, 37 haka. Kinga kenan 40 ɗin da falamba ya faɗa miki ɗaki ne aka share mata aka yi shimfiɗa. A 50 tana mutuwa amma a hankali, sai an ɗauki awanni, a 60 kuwa cikin mintuna kaɗan yawancinta ta tafi. Mu a Legas abin ya fi shafarmu don ruwan bohol muke ja ba kulorin a ciki, ya hau tankin sama ya wuni a rana, ko ruwan da muke kira na sanyi da azahar ɗumi gare shi. Waɗanda ta fi kamawa tsofaffi ne da masu shan taba da masu ciwo irin na Hajiya surukarki, shi ya sa ban ɗauki maganar da wasa ba.

Toh amma ruwan digiri 60 yana ƙona fatar babba cikin kamar daƙiƙa 5, yaro kuma fatarsa ta fi laushi, kafin ya janye hannu an gama. A 50 sai an yi kusan minti 5 ruwan na zuba kafin ya yi irin wannan ɓarnar. Hajiya ma ki kula da ita kamar yadda kike kula da Abba, mai suga da ya daɗe da shi sau da yawa ƙafarsa ba ta jin zafi sosai, za ta iya tsoma ƙafa a ruwan da ya ƙona ta ba ta sani ba sai an ga bororo, kuma miki a ƙafar mai suga wahalar warkewa gare shi wallahi.

Abin da za ki saya bawul ne mai gauraya ruwa da kansa, a kasuwa ki ce miksin bawul mai tamostat, a kwalinsa za ki ga an rubuta TMV. Ana ɗaura shi tsakanin hita da famfo, ruwan zafi na shiga ta gefe ɗaya na sanyi ta ɗaya gefen, shi kuma yana fitar da ruwa a zafin da aka saita shi, ku ki sa a saita muku 40. Wato 40 ɗin falamba daidai ce, wurin da zai sa ta ne ya kuskure. Masu kayan famfo a Odunade wajen Orile nan za ki fara tambaya. Ki kula kar a ba ki miksa na yau da kullum mai hannu ɗaya a ce shi ne, wancan duk wanda ya ture hannun gefen ja ruwan 60 ne zai zubo masa. Ki kuma faɗa wa mai shagon daga tankin sama ruwanku ke saukowa, don wasu bawul ɗin suna son ruwa mai ƙarfi, a gidan da ba famfon ƙara ƙarfi sai ki ga shawa na ɗiga kamar hawaye. A ɗaura shi kusa da shawar, don bututun da ruwan ɗumi zai kwanta a ciki ya zama gajere. Kafin falamba ya karɓi kuɗinsa ki sa ya buɗe shawa ya rufe ruwan sanyin da ke shiga bawul ɗin a gabanki, idan mai kyau ne ruwan zai tsaya ko ya koma ɗigo, in ya ci gaba da zubo da zafi ba a yi aiki ba.

Yawancin ƙananan hitocin nan maɓallinsu ba lamba, don haka kar ki yarda da hasashe. Ki sayi ɗan ma'aunin zafi na kicin, ki kunna hita har fitilarta ta mutu da kanta, ki buɗe famfon zafi kaɗai na minti 1, ki tari ruwan a kofi ki auna, yara na waje. Wannan awon kafin a ɗaura bawul za ki yi shi. In kin ga ƙasa da 55 a ƙara murɗawa kaɗan, a jira, a sake aunawa. In ya haura 65 a rage, babu amfanin ƙarin sai cin wuta da taruwar farin dattin nan a jikin elimen, wato ƙarfen da ke dafa ruwan a cikin hitar. Idan maɓallin a cikin murfi yake, a kashe wutar hitar tukuna kafin a buɗe.

Akwai kuma ɗabi'armu ta kunna hita minti 15 kafin wanka a kashe don tsoron mita. Hita mai lita 30 mai wat 1500 tana buƙatar kusan minti 45 ta ɗaga ruwa daga 28 zuwa 60, wato yunit 1 da ɗan ɗoriya. Idan kika kashe a minti 15 ruwan bai wuce 40 ba, ko da maɓallin na kan 60 kuwa, sauran ya kwana a tanki da ɗumi. Bambancin kai shi 45 da kai shi 60 kusan rabin yunit ne kawai. Don haka duk ranar da NEPA ta bari, ki bar ta ta kai ƙarshe har fitila ta mutu. In kun yi tafiya, misali kun je gida sallah kun yi sati biyu, da kun dawo ki kunna ta ta cika zafi ta ɗan jima a haka, ki cire kan shawar ki wanke, ki bar ruwan ya zuba na wasu mintuna taga a buɗe kafin kowa ya shiga. Wanda ya kama zazzaɓi da tari da sarƙewar numfashi cikin kwana 2 zuwa 10 bayan haka, a kai shi asibiti a faɗa wa likita maganar shawar, kar a tsaya kan maganin maleriya.

Kafin ki samu kuɗin bawul, wankan Abba da na Hajiya a bokiti za a riƙa haɗawa, na sanyi a fara zubawa sannan na zafi, ki juya ki gwada da gwiwar hannunki, ke za ki gwada ba Hajiya ba. Ƙofar banɗaki kuma a sa mata sakata daga sama inda hannunsa ba ya kaiwa. In Allah ya kiyaye aka sake ƙonewa, ruwan famfo mai sanyi za a yi ta zubawa a wurin minti 20, ba ƙanƙara, ba man goge baki, ba ɗanyen ƙwai, sannan a wuce asibiti da shi.